Yadda ake mayar da dokar kare bayanai ta ofis zuwa takarda ɗaya ta ma'aikata

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ba mutum kundi mai shafi ashirin ko talatin a ce ya taƙaita, sai kawai ya rage tsawon jimlolin ya buga ya raba, wallahi ba wanda zai karanta. Mai karɓar kati a asibiti ba ruwanta da ma'anar kalmomin lauyoyi, so take ta san me za ta yi idan wani ya zo ya ce shi mijin wance ne a ba shi sakamakon gwajinta.

To ka fara da zama da ma'aikatan, ko na minti goma ne, ka ga ina fayil yake bi daga kanta zuwa kabad, wa ke riƙe makulli, wa ke ɗaukar hoton takarda da wayarsa. Sannan ka ɗau biro ka bi kundin, duk jimlar da ba ta umarci ma'aikaci da komai ba ka tsallake ta, wannan na manaja ne.

Abin da ya rage kowanne ka juya shi ya zama wa zai yi, me zai yi, yaushe. Kundi zai ce "za a adana bayanai cikin tsaro". Kai ka rubuta "in za ka tashi, ko salla za ka, kulle kwamfuta, kife fayil". Kundi zai ce bayanan lafiya suna buƙatar kulawa ta musamman, kai ka rubuta "kar a faɗi sakamako ta waya, kar a ba ɗan aike sai da izinin mai shi".

Inda ni na taɓa cin tuwo a kai kuwa shi ne maganar awa 72. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce idan bayanai suka fita kuma akwai haɗari ga masu su, a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 daga lokacin da aka sani. Na kwafe shi haka na sa a takarda, ashe ma'aikata sun ɗauka su ke da kwana uku, wani ya tura jerin sunayen marasa lafiya wani guruf bisa kuskure ranar Juma'a, ya goge ya yi shiru sai Litinin. Wa'adin nan na ma'aikatar ne gaba ɗaya, cikinsa za a yi bincike a rubuta rahoto. Yanzu ba na sa shi sam, abin da nake rubutawa shi ne "gaya wa jami'in kare bayanai nan take, ko ba ka tabbata ba", da lambarsa a ƙasa da manyan baƙi.

Kar takardar ta wuce shafi ɗaya, umarni bakwai ko takwas sun isa, kuma ba sai ka kashe kuɗi kan kala ba. Ka ba sabon ma'aikaci ya karanta, ka yi masa tambayar mijin wance ɗin nan, in ya yi inda-inda koma ka gyara layin. A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu ya karɓa.