Kada ku ƙona shara da asuba a lokacin sanyi

'Yan'uwa, jiya bayan sallar asuba na ga hayaƙin bolar bakin layinmu ya kwanta a kan rufin gidaje kamar an shimfiɗa mayafi, ya ƙi tashi sama. Ɗiyata mai asma da tari ta wuni.

Ga abin da ke faruwa. A daren hunturu da babu gajimare kuma iska ba ta kaɗawa, ƙasa tana hucewa da sauri, sai ta sanyaya iskar da ke dab da ita. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka sai ta zauna a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Hayaƙin itace, na janareta da na Keke Napep duk nan yake taruwa, daidai hancinmu. Unguwannin da ke cikin kwari sun fi shan wahala.

Ku dubi hayaƙin mai shayi. In ya ɗan hau sannan ya baje a kwance, murfin yana nan. Sai rana ta ɗumama ƙasa, wajen ƙarfe goma, yake buɗewa. Kafin nan a bar tagogi a rufe, mai asma ya jinkirta fita, shara kuma don Allah a kai ta bola kada a cinna mata wuta.