Fassara takardar garanti ga mai sayen janareto

Da farko ka duba lambar da ke jikin injin ka gwada ta da wadda ke kan takardar, domin in sun saɓa, fassarar ba ta da amfani. Lambobi da sunan kamfani ba a fassara su, ana kwafe su ne yadda suke.

Sannan ka fassara wa'adin. Idan takardar ta ce wata 12 ko awa 1,000 na aiki, duk wanda ya riga cika, to ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro, ka ƙara da misali: mai shagon da ke kunna injin awa 10 kullum zai cinye garantinsa cikin kwana 100, alhali yana zaton yana da shekara guda.

Sharuɗɗan da ke soke garanti su ne suka fi buƙatar natsuwa. Yawanci sun haɗa da kai injin wurin makanikin da kamfani bai amince da shi ba, da ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa, da ƙin juye baƙin mai a kan lokaci. Kada ka sassauta lafazinsu don daɗaɗa wa mai saye. Inda aka ce garanti ya faɗi, kada ka rubuta "zai iya faɗuwa". A ƙarshe ka haɗa fassarar da asalin takardar da rasit, domin asalin ne dila zai karɓa.