Ƙaiƙayin fata bayan shekara 60: kurakuran da ake yi wurin wanka da shafa mai

Da hunturu ya sauka a Maradi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, za ka ga tsofaffi sun zauna a hantsi suna susar ƙwauri har ya yi furu-furu. Dalili shi ne, bayan shekara 60 fata tana rage fitar da maiƙonta, tana yin siriri, ba ta kuma riƙe ruwa kamar da. Jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta ma sun yi rauni, shi ya sa ɗan bugu kaɗan ke barin tabo mai duhu a bayan hannu. A ganina yawancin wahalar daga banɗaki take farawa, kuma da kyakkyawar niyya ake jawo ta.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar ƙaiƙayi a matsayin dauɗa. A ɗauki misalin Inna mai shekara 68 da ƙwaurinta ya yi zane-zane kamar busasshen tabki. Ƴarta ta tafasa ruwa, ta ɗiga detol, ta kawo soso mai kaushi da sabulun wanki, tana cewa: "Inna, ki daure in dirje miki da kyau." Inna za ta ji daɗi a lokacin, don ruwan zafi yana kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Amma zafin da sabulun sun wanke ɗan maiƙon da ya saura, soson kuma ya kankare saman fatar. Kafin isha'i susa ta dawo fiye da jiya, gobe kuma a ƙara dirza.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A surka ruwan ya zama mai ɗumi kawai, a gwada da gwiwar hannu. Kada wankan ya wuce minti 10, sau ɗaya a rana. Sabulu mai laushi marar turare ake so, shi ma a hammata, matsematsi da ƙafa; ƙwauri, hannuwa da baya ruwa ya ishe su yawancin ranaku. A ajiye soso, tafin hannu ya wadatar. Wurin tsane jiki a riƙa danna tawul, ban da gogewa.

Sai lokacin shafa mai, inda mutane da yawa ke asarar ƙoƙarinsu. Ana fitowa wanka a zauna gaban kaskon wuta har jiki ya bushe ƙayau, sannan a nemi mai. Alhali aikin basilin ko man kaɗanya shi ne tsare danshin da ke jikin fata kada iska ta kwashe shi. Don haka a shafa cikin minti 3 da fitowa, jiki da sauran laima. Kowane ƙwauri ya samu kamar cokalin shayi guda, a bi kwanciyar gashi daga sama zuwa ƙasa, a sake kafin barci. Bayan alwala ma a ɗan murza a hannu da ƙafa, tunda sau biyar ruwa ke taɓa su. Tafin ƙafa kam sai an hau gado, kada tsoho ya zame a siminti. In an lizimci haka, Inna za ta ga sauƙi cikin mako biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne kirim ɗin da ake saye hannun masu tallar magani. Da yawansu na ɗauke da betametazon ko kulobetazol, masu kashe ƙaiƙayi nan take, amma in an yi watanni ana shafawa sai su ƙara sirantar da fatar da dama ta yi rauni. Alamar ita ce fata ta yi sheƙi, jijiyoyi su fito fili, ta riƙa yagewa. Ƙwayar mura mai sa barci kuma tana iya rikita tsoho, ta sa shi jiri, ko ta riƙe wa dattijo fitsari. Kada a ba su sai da izinin likita.

Idan fata ta yage, a wanke da ruwa mai tsabta, a maida ɓallen wurinsa a hankali, a ɗora bandeji da aka shafa wa basilin, a naɗe. Kada a manna filasta a kan fatar, don wurin cirewa za ta tafi da wani ɓallen. A yanke farce kuma.

Ba kowane ƙaiƙayi ne bushewa ba. In an yi mako biyu ana wannan kulawa babu sauƙi, ko ido ya yi rawaya, ko ƙafa ta kumbura, ko jiki yana ramewa, a tafi asibiti a duba hanta, ƙoda da suga. In ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu, jikoki ma suna susa, wataƙila ƙazuwa ce, kuma duk gidan ake yi wa magani rana ɗaya. Mai ciwon suga da ya samu gyambo ko faso mai jini a ƙafa, shi kam a kai shi ran nan, a tafi da duk magungunan da yake sha likita ya gani.