Yadda na gyara lissafin lanƙwasar kantiliba

Jiya wani lissafi ya ci min dare wallahi. Bim mai tsawon L, gefe ɗaya a kafe a bango, nauyin P a bakinsa. Na ɗauki x daga bakin, wato momen ɗin da ke lanƙwasa bim ɗin M = -Px, na yi intagireshan ɗin EI d²y/dx² = M sau biyu, inda y ke nufin motsin bim sama ko ƙasa, EI kuma taurinsa, sai na sa y = 0 da dy/dx = 0 a x = 0 don haka na saba. Amsa ta nuna wai bakin bai motsa ba, bangon ne ya sauka!

Ashe a wurin da aka kafe ne babu sauka babu karkata, kuma bangona yana x = L. Da na sa dy/dx = 0 a can sai konstan ɗin intagireshan na farko C1 = PL²/2 ya fito, y = 0 ya ba ni na biyu C2 = -PL³/3. Saukar bakin ta zama -PL³/3EI, alamar ragin nan ƙasa kawai take nufi.