Yadda ake tsara kolum ɗin canji a Excel ga mai sayo kaya da dala yana sayarwa da naira

Kuskuren da ya fi ɓata rahoton masu shigo da kaya shi ne ajiye farashin canji a akwati ɗaya, a jingina duk layukan da shi. Ranar da aka sauya wannan adadi, ribar watannin baya duk sai ta sauya tare da shi. A watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Irin wannan tsalle ya isa ya mayar da ribar da aka riga aka ci ta koma asara a takarda. Maganin abin shi ne kowane saye ya riƙe nasa canjin a layinsa.

A ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sayo bandir 200 na shadda, kowane dala 12. Sai a jera kolum haka: A ranar biya, B sunan kaya, C yawa, D irin kuɗi (`USD` na dala ko `CNY` na yuwan ɗin China), E farashin guda a kuɗin waje, F canjin da aka sayi dalar, H kuɗin dako da kwastan a naira, J farashin sayar da guda a naira. Waɗannan da hannu ake cika su. G, I da K kuwa fomula ce: jimillar saye a naira, yadda bandir ɗaya ya tsaya, sai riba.

```
G2: =C2*E2*F2
I2: =(G2+H2)/C2
K2: =(J2-I2)*C2
```

Idan an sayi dalar a kan 1,500, G zai ba da naira 3,600,000. Dako da kwastan sun ci 600,000, saboda haka bandir ya tsaya 21,000. An sayar a 24,000, riba 600,000 ke nan.

Abin da za a sa a F shi ne abin da ɗan canji ko banki ya karɓa a zahiri, kamar yadda rasit ko alat ya nuna. Farashin da aka ji a labarai ba shi da gurbi a nan. In akwai cajin turawa, a haɗa shi cikin H.

Sau da yawa ba a biya gaba ɗaya. A ce an tura kafin alƙalami dala 1,000 a kan 1,480, daga baya aka cika 1,400 a kan 1,550. Wasu sukan haɗa farashin biyu su raba biyu su sami 1,515, alhali kaso mafi yawa a kan mai tsadar aka saye shi. Abin da ya fita daga aljihu naira 3,650,000 ne, wato kusan 1,520.83 kowace dala, kuma wanda ya yi amfani da 1,515 ya ɓoye wa kansa 14,000. A buɗe wani shafi mai suna `Biya`, dala a B, canji a C, sannan a koma shafin farko a sa wannan a F:

```
=SUMPRODUCT(Biya!B2:B3,Biya!C2:C3)/SUM(Biya!B2:B3)
```

Kada a rage wannan adadi da hannu zuwa 1,521. A bar shi cikakke, a rage lambobin da ke bayyana ta `Format Cells` kawai.

Canjin yau yana da nasa amfani, amma a kolum daban. A rubuta shi a N1, a ƙara L don ganin yadda bandir zai tsaya in za a sake sayo shi yau:

```
L2: =(C2*E2*$N$1+H2)/C2
```

Alamar `$` ita ke hana N1 zamewa idan an ja fomular ƙasa. A lissafin farko, in dala ta kai 1,650, L zai nuna 22,800. Littafi yana cewa an ci 3,000 a bandir, amma 1,200 ne kawai za a iya cirewa ba tare da an taɓa jari ba. Da K ake auna cinikin da ya wuce, da L ake yanke sabon farashi. Wannan ƙiyasi ma da sauƙi-sauƙi ne, domin harajin kwastan yakan bi dala ya hau. In akwai layin yuwan, a ba shi nasa akwatin a N2, a sa `$N$2` a madadin `$N$1` a fomular layin.

Kada a tara kuɗin waje daban-daban wuri guda, don dala da yuwan ba sa haɗuwa. Don sanin jimillar dala kaɗai:

```
=SUMPRODUCT((D2:D50="USD")*C2:C50*E2:E50)
```

Idan `#VALUE!` ya fito, galibi wani ya rubuta `12 USD` a E, Excel ya ɗauke shi rubutu. Ana gane shi da yadda yake manne a hagun akwati, lamba kuwa dama take zama. Masu sayo kaya da sefa daga Maradi ko Kwatano su lura cewa 'yan canji kan faɗi farashin sefa 1,000 ne, don haka a raba shi da 1,000 kafin a sa a F, in ba haka ba G zai ninka sau dubu.