Kurakuran da ke ɓata allon taurari na Grasshopper kafin ya kai injin leza

Kuskuren da ya fi cin katako shi ne tura layukan zanen da aka yi a Grasshopper, kayan aikin zane na cikin manhajar Rhino, kai tsaye zuwa inji. Layukan nan tsakiyar sandunan katakon da za su rage a allon ne, ba wurin yanka ba. In leza ta bi su, allon zai wargaje, ka kwashi taurari a hannu kamar ɓawon gyaɗa. Ramukan da ke tsakanin sanduna ake yankawa.

A ce allon milimita 300 ne kowane gefe, falankin kaurinsa milimita 3, an bar baki na milimita 15. Saura 270, wato siffofi masu gefe takwas uku-uku, kowacce faɗinta 90, da ƙananan murabba'ai a tsakaninsu. Daga tsakiyar kowane gefe na siffofin nan ka fitar da layi biyu a kusurwar digiri 67.5, sai taurari masu tsini takwas su bayyana. Ka raba filin da Surface Split, amma ka yi wa shigar C ɗinsa Flatten. In ka manta, kowane reshe zai yanka nasa filin daban, ka ga guntaye sun hau kan juna. Bayan haka Brep Edges da Join Curves za su ba ka kewayen kowane rami a rufe. A nan kuwa kar ka yi Flatten, domin in ka yi, gefunan ramuka maƙwabta za su haɗe.

Sai kaurin sanda, inda na fi ganin an yi asara. Sandar milimita 4 tana buƙatar kowane rami ya shige ciki da 2 ta Offset Curve. To amma leza tana cin nata rabon. Ka fara yanka ɗan murabba'i mai milimita 20 ka auna. In ya fito 19.8, wutar ta ci 0.1 a kowane gefe, don haka ka sa 2.1. Ni ba na barin sanda ta gaza kaurin falankin, domin siririya tana ƙonewa a mahaɗa, ta karye da ɗan taɓi.

Offset Curve yana bin alkiblar layi, saboda haka wasu ramukan kan buɗe waje maimakon ciki. Ka gwada Area kafin da bayan: duk wanda ya ƙaru ya juya, sai a sauya masa alamar tazara. Da Area ɗin kuma, tare da Cull Pattern, za ka zubar da 'yan mitsi-mitsin ramukan da ke bakin allo.

Kafin fitar da DXF, fayil ɗin da za a kai wa injin, ka tabbata fayil ɗin Rhino a milimita yake. Bayan Bake, wato mayar da layukan cikin Rhino, ka buga `SelDup` ka goge layukan da suka maimaitu, don leza za ta bi su sau biyu ta baƙanta wurin. Ramuka su zauna a Layer ɗaya, kewayen allo a wani, a yanka kewayen daga ƙarshe, domin da zarar allon ya rabu da falanki yana iya gocewa.