Darasi: Tausa da tsamin jiki

Ku ɗauki misalin matashin da ya yi wata biyu bai buga ƙwallo ba. Ranar Asabar ya shiga fili, ya yi gudu har magariba. Daren nan lafiya ya kwana. Ranar Lahadi da safe cinyoyinsa suka fara nauyi. Ranar Litinin kuwa ko durƙusawa ya yi sai ya cije baki. Wannan shi ne tsamin jiki. Manomi ma ya san shi a makon farko na huɗa, haka mai sussuka da ta daɗe ba ta riƙe taɓarya ba.

Tsamin jiki yana da lokacinsa. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya yi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya tafi da kansa cikin kwana biyar zuwa bakwai. Ku riƙe wannan, domin duk abin da aka yi wa mutum a kwana na uku, za a ga kamar shi ne ya warkar da shi. Alhali ciwon dama ya kama hanyar tafiya.

Me ke kawo shi?

Tsoka zare-zare ce, kamar igiya. Idan aka ɗora mata aikin da ba ta saba ba, wasu zaren sukan ɗan yage, yagewar da ido ba ya gani. Jiki sai ya shiga gyara, wurin ya ɗan kumbura, ya riƙa zafi idan an taɓa. Aikin da ya fi kawo haka shi ne wanda tsoka take miƙewa tana ɗauke da nauyi, kamar gangarowa daga tudu, ko sauke buhu a hankali.

Za ku ji masu horarwa suna cewa wani sinadari mai suna laktik asid ne ya taru, sai an matse shi ya fita. Ba haka ba ne. Wannan sinadari yakan koma daidai cikin kamar awa ɗaya bayan an gama aiki, tun kafin tsamin ya fara. A 2012, a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, an yi wa maza 11 tausa ta minti 10 a ƙafa ɗaya bayan sun tuƙa keke har sun gaji. Aka ciri ɗan tsokar cinya aka duba. Tausa ba ta rage sinadarin ba. Abin da aka ga ya ragu shi ne wasu alamomin kumburi.

Gwajin hannu biyu

Akwai wani gwaji mai sauƙin fahimta da aka wallafa a 2005 daga ƙasar Ostireliya. Mutum 10 aka sa suka wahalar da damtsensu, dama da hagu, ba a rana ɗaya ba. Hannu ɗaya aka yi masa tausa ta minti 10, awa uku bayan aikin. Ɗayan aka bar shi haka. Dabarar ita ce, mutum ɗaya ne, abincinsa ɗaya, jininsa ɗaya, bambancin kawai tausa.

Hannun da aka tausa, ciwonsa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kumburinsa ma ya ragu. Amma da aka auna ƙarfi, hannayen biyu duka sun raunana, kuma wanda aka tausa bai riga ɗan'uwansa dawowa ba. To, nan ne jigon darasinmu. Raguwar ciwo daban, dawowar ƙarfi daban.

Mutum 10 ba su da yawa, gaskiya ne. Shi ya sa a 2020 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka tattara gwaji 29, da mutane sama da 1,000. Ba su ga hujjar cewa tausa tana ƙara ƙarfi, ko tsalle, ko gudu, ko juriya ba. Sun ga tana ɗan rage tsamin jiki, tana kuma ɗan sa gaɓoɓi su saki.

Gungumen soso

Yanzu a wuraren motsa jiki akwai wani abu da ake kira fom rola. Gungume ne na soso mai tauri, kamar guntun turmi siriri. Mutum yana ɗora cinyarsa a kai, ya riƙa mirginawa gaba da baya, nauyin jikinsa ne ke yin matsar. Wato tausa ce da mutum ke yi wa kansa, ba sai ya biya kowa ba.

A 2015 an gwada shi a kan maza takwas a Kanada. Sun yi tsugunne-tashi sau 100 ɗauke da nauyi, sannan suka mirgina na minti 20 nan take, da bayan awa 24, da bayan awa 48. Ciwonsu ya ragu, gudunsu ma bai faɗi sosai ba. Masu sayar da gungumen suna son wannan labari. Sai dai a 2019 wasu masu bincike a Jamus sun haɗa gwaji 21, suka ga amfanin ƙarami ne. Ciwo ya ragu da kamar kashi 6 cikin 100, gudu da ƙarfi suka ɗan fi da kashi 3 zuwa 4. Ga ɗan tseren da ke neman lambar zinariya, wannan wani abu ne. Ga mai buga ƙwallon unguwa, da ƙyar zai lura.

Akwai kuma wata matsala a duk waɗannan gwaje-gwaje. Idan magani ake gwadawa, ana iya ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, ba su sani ba. Tausa kuwa ba ta ɓoyuwa. Wanda aka tausa ya san an tausa shi, kuma yana sa ran jin sauƙi. Saboda haka wani ɓangare na sauƙin daga zuciya yake. Ni dai ban raina wannan ba, jin daɗi ma riba ce, muddin ba a saye ta da tsada ba.

Mu koma ga matashinmu

Ranar Asabar da dare, ko Lahadi, yana iya sa ƙanensa ya matsa masa cinya da sha-raɓa na minti 10. Idan gungume gare shi, ya yi daƙiƙa 30 zuwa 60 a kowace tsoka, a hankali, yana numfashi. A kan nama ake mirginawa, ban da gwiwa, ban da ƙashi, ban da tsakiyar gadon baya ta ƙasa. Idan zafin ya kai yana riƙe numfashi ko yana ihu, ya yi yawa, a sassauta. Matsa mai barin tabo sabon rauni ce.

Kuskuren da zai iya yi shi ne ranar Litinin. Ya ji sauƙi, sai ya ɗauka ya warke, ya koma gudu da dukkan ƙarfinsa. Tsokar kuwa ba ta gama gyaruwa ba. Gara ya gwada ta tukuna: ya tsuguna ya tashi sau 10, ya hau matakala ya sauko. Idan ƙafa tana rawa ko tana neman lanƙwashewa, tafiya kawai zai yi a ranar, ya ci abinci, ya yi barci sosai. Idan ya koma wasa a hankali, zai ga tsamin mako na biyu bai kai na farko ba, domin tsoka tana sabawa.

Ba kowane ciwo ne ake tausawa ba. Ciwon da ya zo farat ɗaya ana cikin gudu, kamar an soka wuƙa, ba tsamin jiki ba ne, wataƙila tsoka ce ta yage ko targaɗe. Kada a murza shi. Idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ɗumi fiye da ɗayar, jini na iya daskarewa a jijiya, kuma matsawa na iya tura gudan jinin zuwa huhu. Haka idan fitsari ya koma kalar shayi bayan aiki mai tsanani, ga kumburi ga rashin ƙarfi, ƙoda na cikin haɗari. Waɗannan biyu na ƙarshe asibiti ake kai su a ranar.

Aikin gida

Duk ranar da jikinku ya yi tsami, a tausa muku ƙafa ɗaya kawai. Washegari da jibi, ku ba kowace ƙafa maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon ciwonta, ku rubuta a littafinku, ku zo da shi aji.